Waƙar suna: wane suna za a sa a amshi idan maijego ba ta iya faɗinsa?

Adda Jummai Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Matar ƙanena ta sauka ranar Talata da hantsi, an samu mace, uwa da ɗiya suna lafiya. Haihuwar fari ce, tana gidansu a Kumo, can za a yi taron mata. Ni na ɗauki nauyin waƙar suna, har na ba wani yaro mai sitidiyo kafin alƙalami. Yanzu ya matsa mini in turo sunan jaririya don ya ɗora amshi a kai. To sunan Hajiyarmu za a mayar, wato uwar mijinta, kuma ba a so ya fita sai an raɗa. Ko an raɗa ma, yarinyar nan ba za ta iya buɗe baki ta faɗe shi ba. Ya ake yi? Kada in biya kuɗi a yi waƙar da mai abin za ta riƙa sunkuyar da kai.

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Barka da arziki Adda, Allah ya raya. Akwai wani di-je a wajen Tumfure, shi ya yi mana sunan Sadik, sifikunsa har bakin titi ake ji, kuma da janaretansa yake zuwa. In kina so in tura miki lambarsa ta gefe.

Adda Jummai Bolari: Amin, na gode Ummu Sadik. Ba mai sa kiɗa nake nema ba, waƙar ce kanta ake shiryawa, kalmomin da za a sa a ciki nake tambaya.

Auwal Jekadafari: Adda barka. Ni aikina ke nan, don haka bari in kare abokin sana'ata kaɗan. Ba rigima ce ta sa yake neman sunan ba. Amshi shi ake fara ginawa, a kansa ake auna kiɗa, sannan baitoci su biyo baya. Suna mai gaɓa biyu kamar Indo da mai gaɓa huɗu kamar Rukayyatu ba zama ɗaya suke yi a kan kiɗa ba. In aka gama aka ce a canza, ba kalma ɗaya ake cirewa ba, sai an sake kiran 'yan amshi sun sake rerawa, ga shi amshin yana dawowa sau goma ko fiye a waƙar minti shida. Ki ba shi sunan a asirce kawai, ba wanda zai ji.

Hamma Sale Dukku: A'a. Mu a wajenmu ba a ma kama hanyar nan. 'Yar fari ce fa, kuma sunan suruka. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Sunan nan bai kamata ya fito a waƙa ba ko sau ɗaya. Da can uwar ɗan fari ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane, balle a kunna mata sunansa a sifika. Ku sa Dikko kawai, ai shi ake kiran ɗan fari, na biyu Sambo, na uku Yero, an gama magana.

Maman Walid: Hamma Sale, mace aka haifa fa, kuma ba kowane gida ne a Gombe ke bin wannan jerin ba. Mu a gidanmu ban taɓa jin an kira wani Yero ba.

Goggo Asabe Kumo: Jummai barka, Allah ya raya ya ɗayyaba. Na ga kin ce Kumo, shi ya sa na ajiye abin da nake yi. Mahaifiyata zabiya ce, na yi shekaru ina bin ta gidajen suna ina amshi kafin a yi mini aure, to bari in faɗi abin da na gani.

Auwal ya yi gaskiya cewa amshi ne ginshiƙi. Inda ya kauce shi ne ya ɗauka amshi na mawaƙi ne. Amshi na taro ne. Zabiya ita ke da baiti, ta faɗi abin da ta ga dama, amma amshi bakin kowa zai shiga: maijego, uwarta, ƙannen miji, yaran gida, har wadda ke tuƙa tuwo a bayan ɗaki. Saboda haka ba a sa wa amshi kalmar da wani a gidan ba zai iya faɗa ba. Innata kafin ta zauna a tabarma sai ta ja wata tsohuwa gefe ta tambaye ta abu uku: sunan wa aka mayar, da me za a riƙa kiran yaron, sannan wa da wa ba sa ga maciji a gidan. In ba ta samu amsar ukun nan ba ba ta taɓa ƙwarya.

To ke ma haka za ki yi. Laƙabi ake ɗora wa amshi, ba sunan yanka ba. Tunda sunan Hajiya ne, ai dole akwai abin da za a riƙa kiranta da shi, Ummi ko Mami ko Walida ko Dada. Wannan ba asiri ba ne, kuma ko an tashi da safe an sauya shawara a kan sunan yanka, laƙabin yana nan.

Shi kuma Sale ya yi tsauri. Mawaƙi ba surukin kowa ba ne. Zabiya tana faɗin sunan yanka, amma sau ɗaya, a baiti guda, da kirarinsa, mai guɗa ta rangaɗa a kai, a wuce. Maijego ta sunkuyar da kai na wannan ɗan lokacin, ƙawayenta su yi mata dariya, shi ke nan. Wannan sunkuyon ma ado ne. Wanda ba a so shi ne a yi ta buga mata shi kamar guduma tun la'asar har magariba.

Adda Jummai Bolari: Goggo Allah ya saka da alheri, kin warware mini rabin damuwar. Ummi za a riƙa kiranta, wannan kam an riga an fara. Amma baitin da zai ɗauki sunan yankan fa? Kawunmu ya hana a faɗa wa kowa sai an shafa fatiha.

Auwal Jekadafari: Wannan mai sauƙi ne in dai baiti ɗaya ne. A gama komai a bar gurbi. Ana yin kiɗan, a ɗauki amshi da sauran baitoci tun Asabar ko Lahadi, a bar layi biyu babu murya. Ranar suna da safe ana raɗawa ki kira shi, ya shiga ya rera layi biyun, ya haɗa, ya turo miki. Aikin bai kai awa ɗaya ba in akwai wuta. Taron mata ai sai bayan azahar yake kankama. Sharaɗi kawai ki gaya masa gaɓa nawa ne sunan, don ya bar masa wuri daidai. Ko kuma ya rera nau'i biyu ya ajiye in ana shakka tsakanin suna biyu. Na taɓa yi wa wasu a Arawa, an ce mini Usman, na gama tsaf har da Shehu da Mani a ciki, ranar suna kakan yaro ya zo daga ƙauye ya ce Abubakar. Tun daga ranar ba na rufe waƙar suna sai na ji an yanka rago.

Maman Walid: To ka ga ai ka dawo kan maganar Goggo.

Auwal Jekadafari: Na dawo, ban musa ba. Amma ku sani yawancin masu kawo aiki su ne ke cewa a cika sunan ko'ina, wai don a san kuɗinsu ya yi aiki.

Malam Habu Herwagana: Barka Hajiya Jummai, Allah ya sa mahaddaciyar Alƙur'ani ce. Ina bin maganar, amma ina ganin an fara gini daga rufi. Abin da aka sani a ranar bakwai shi ne yanka, da aski, da sadaka, da sanya suna mai kyau. Godiya kuma ai ba sai da ganga ba. Kuɗin da za a ba mai sitidiyo da an ƙara a abincin walima, a kira malama ta yi wa mata nasiha, 'yan Islamiyya su yi 'yar ƙasidarsu ba kiɗa, da ya fi. Sannan ki duba lissafin kwanakin, Talata zuwa Talata kwana takwas ne in aka ƙirga ranar haihuwa.

Hamma Sale Dukku: Malam, a wannan kam ban bi ka ba. A Malikiyya in an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga ranar, daga washegari ake farawa. Ta ce da hantsi aka sauka, to Laraba ɗaya, Talata bakwai. Shi ya sa muka tashi muka ga rana tana zagayowa.

Malam Habu Herwagana: Haka ne a mazhaba, akwai kuma malaman da ke ƙirga ranar haihuwar. Ban ce wanda ya yi Talata ya yi laifi ba. Maganar kiɗan dai ina nan a kan bakana.

Adda Jummai Bolari: Malam na ji, Allah ya ƙara ilimi. Walimar ma za a yi da safe a gidanmu nan Bolari. Na Kumo taron mata ne zalla a cikin gida, kuma iyayen yarinyar ne suka ce suna so. Gidansu mutanen mandiri ne, ko ba mu kawo komai ba sai an yi bege.

Goggo Asabe Kumo: In gidan bege ne to ki gaya wa yaron tun yanzu, don buɗewar waƙar ta dace da kunnen gidan. Kada ya buɗe da kiɗan da ake cashewa a gidan biki. Ya fara da sunan Allah da salati a natse, ko da mandiri kaɗai, sannan kiɗa ya shigo. Tsofaffi daga buɗewa suke yanke hukunci, in ta yi musu sai su zauna, in ba ta yi ba sai ka ga an fara neman takalma.

Adda Jummai Bolari: Ga abin da ya turo mini jiya a rubuce, kafin mu yi wannan maganar. Wurin sunan ɗigo ya sa:

... tauraruwa, kin fi kowa kyau,
... farar mace, hasken idaniya,
Masu jira mu ji kunya, yau ku kun ji,
Maƙiya sai haƙuri, Bilkisu ta haihu.

Ni dai wani abu ya tsaya mini a rai amma na kasa cewa ga shi.

Maman Walid: Adda don Allah ki sa a cire layi biyun ƙarshe. Ni abin ya faru a kaina. Shekara tara na yi ban haihu ba, da Allah ya kawo Walid ƙanwata ta je ta sa aka yi waƙa, ban ji ta ba sai a tsakar gida. Ashe an cika ta da masu cewa juya ce ina kuke, da maƙiya ku mutu. Abokiyar zamana tana zaune a wajen, ita ta kwana tana dafa mini ruwan wanka tun ranar da na dawo daga asibiti, kuma ita ba ta taɓa ko ɓari ba har yau. Ina kallonta ta ajiye tiren da ke hannunta a kan turmi, ta gyara ɗankwali, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba ta ce komai ba, har yau ba ta ce ba. Amma zaman bai koma yadda yake ba, Walid yanzu shekararsa huɗu. Kuma waƙar tana wayar kowa a dangi, yara suna kunnawa, ba yadda zan yi in janye ta.

Ummu Sadik: Ayya. Amma fa gaskiya wani lokaci akwai maƙiyan, kuma habaici ai gishirin waƙar mata ne. Ko Barmani Choge ai ba ta rasa shi. In an cire duka waƙar sai ta zama lami.

Goggo Asabe Kumo: Gishiri ne, amma mai miya ke sa shi tana ɗanɗanawa. Barmani, Allah ya jiƙanta, da irin su Uwaliya Mai Amada, a gaban mutane suka koyi sana'ar, idonsu na kan taro. Zabiya in ta jefa magana tana kallon fuskoki, in ta ga wata ta canza sai ta juya akalar nan take, ta kama sunanta ta wasa ta har sai ta taso ta yi liƙi. Na sha ganin Innata ta yi haka. Waƙar sitidiyo ba ta da ido. Abin da aka sa mata shi za ta faɗa ko wa ke zaune, ta kuma sake faɗa gobe. Don haka abin da za a ɗauka a ajiye, godiya da addu'a da wasa ake sa masa. Habaicin a bar wa bakin mutane, in ya fita iska ta kwashe.

Kuma Jummai, wannan ma ba shi da dalili a nan. Yarinya ta yi aure bara ta haihu bana, waɗanne masu jira? Layin nan daga wata waƙar ya kwaso shi ya manna miki.

Layi biyun farko ma ban so su ba. Ba a yi wa jariri irin wannan yabon, kin fi kowa kyau, farar mace. Tsofaffi za su ce ana jawo mata baki. Kin taɓa jin kaka ta ɗauki jika ta ce kyakkyawa? Sai dai ta ce kai, wannan mummunar daga ina, ga hanci kamar an taka. In za a taɓa kyau a waƙa sai a haɗa da tubarkalla masha Allah, a wuce da sauri. Jaririn kwana bakwai bai yi komai ba tukuna da za a yabe shi. Shi addu'a ake yi masa. Yabo na waɗanda suka sha wahala ne, uwar da ta yi wata tara ta yi naƙuda, da masu hura wutar ruwan wanka, da uban da ya nemo rago.

Auwal Jekadafari: Goggo wannan maganar ta ƙarshe zan rubuta in manna a bangon sitidiyo. Gaskiya yawancinmu samfurin waƙar aure muke ɗaukowa, inda aka ce amarya mu sa jaririya. Shi ya sa kike jin tauraruwa da hasken idaniya.

Adda Jummai Bolari: To Goggo ki taimaka ki ɗora mu a hanya. Ko layi kaɗan ne, in tura masa ya bi.

Goggo Asabe Kumo: Muryar ta tafi amma bari in gwada. Amshi gajere, wanda yaro zai kama a ji na biyu:

Alhamdu lillahi, Ummi ta iso,
Allah raya mana, baƙuwa ta iso.

Baitin farko bayan salati na godiya ne, kuma a faɗi abin da ake gode wa, kada a tsaya ana mun gode mun gode kawai:

Mun gode Sarkin da ya sauke ta lafiya,
Uwa ta tashi, ɗiya ta sha lafiya,
Dangi biyu yau ga mu a inuwa ɗaya.

Daga nan sai maijego, da sunanta da kirarinta, sannu da wuya. Sai angon ƙarni, shi ana ɗan tsokanarsa, a ce ya rame don cefane ko ya kasa barci. Sai baitin takwara, nan ne gurbin da Auwal ya ce a bari, sunan yanka ya fito sau ɗaya. Tunda jika mace kishiyar kaka ce, wasan a shirye yake:

Hajiya babba, kishiya ta zo gida,
Ta ɗauke suna, za ta ɗauke maigida,
Kawo turmin zane mu raba ku faɗa.

Nan ne mata ke tashi. Hajiya ta fito tana cewa ba ta yarda ba, a yi ta liƙi.

Adda Jummai Bolari: Goggo baitin ya yi daɗi har na yi dariya ni kaɗai, sai kuma hawaye. Baba ya rasu, bai cika shekara ba. Hajiya ba ta daɗe da fita takaba ba.

Goggo Asabe Kumo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ki yafe ni 'yata. Kin ga abin da nake faɗa ya kama ni da kaina, na yi waƙa ban tambayi gida ba. A cire maigida gaba ɗaya, kishin ma a bar shi. A mayar da shi haka:

Hajiya babba, takwara ta zo gida,
Ta ɗauki suna, Allah ba ta halin Dada.

In ba Dada kuke ce mata ba a nemi abin da zai hau. Marigayin kuma a ba shi layi ɗaya na addu'a can kusa da ƙarshe, inda kiɗa ya lafa, kada a sa shi a tsakiyar rawa. Wasu gidajen ma sun fi so kada a ambata sam, don kada taro ya koma kuka. Wannan Hajiya za ki tambaya, ba mu ba.

Adda Jummai Bolari: Dada jikoki ke ce mata, ya hau daidai. Zan tambaye ta maganar Baba da daddare.

Hamma Sale Dukku: Allah ya jiƙan Baba. Ni har yanzu jerin ne bai kwanta mini ba. Ya za a kira maijego kafin uban yarinya da kakarta? 'Ya ta dangin uba ce. A fara da gidan su Adda, sannan a gangaro.

Maman Walid: A gidan wa za a kunna? A Kumo, a tsakar gidan iyayenta, su ke dafa abinci su ke karɓar baƙi. Ka zo gidan mutum da waƙa ka jera danginka goma kafin ka ambace shi?

Hamma Sale Dukku: Ai kuɗin waƙar daga Bolari ya fito.

Maman Walid: Shi ya sa ma ya kamata a yi kara. Kai da ka fara da maganar kunya.

Goggo Asabe Kumo: Ku biyun kowa na da abin riƙewa. Yadda na ga ana yi, zabiya ba ta gama gida ɗaya sannan ta koma ɗaya. Bi-da-bi take yi, tsara da tsara: kaka ta nan, kaka ta can, goggo ta nan, inna ta can. Wanda za a fara da shi a kowane zagaye shi ne mai masauki. A nan sai dai takwara ta sha gaba saboda sunanta aka ɗauka, wannan ba mai jin haushi. Amma ban ce haka ake yi a Dukku ba, kowane gari da tafiyarsa.

Abin da ya fi jeri haɗari shi ne mantuwa. Wadda aka sa a ƙarshe za ta yi ƙorafi na kwana biyu. Wadda aka manta ba ta mantawa.

Auwal Jekadafari: Nan kuma ni zan ja birki. Minti shida zuwa bakwai ita ce waƙa, in ta wuce haka mai sa kiɗa zai yanke ta ko mutane su koma hira. Baiti ɗaya da amshinsa yana cin kusan rabin minti ko fiye. In kin cire buɗewa da godiya da addu'ar rufewa, abin da ya rage baiti bakwai ne ko takwas. Mutum biyu a baiti, uku in an matsa. Wato sunaye goma sha biyar zuwa ashirin, iyaka ke nan. An taɓa kawo mini takarda mai suna arba'in da uku, waƙar ta koma kamar ana kiran rajista a aji. Sauran a haɗa su a jimla, ƙawayen maijego, matan unguwa, 'yan Bolari, 'yan Kumo. Kuma Adda ki sa ya turo miki ɗanɗano da muryarsa kawai kafin ya haɗa da kiɗa, ki saurara da kunnenki. A rubuce ba a gane kuskuren faɗi. Sunayen Fulatanci musamman, in yaron bai iya ba zai miƙe abin da ya kamata ya lanƙwasa, Yapendo ta koma wani abu daban, a yi ta dariya.

Ummu Sadik: Ni dai har yanzu ina ganin a kira masu ƙwarya kawai a huta. Duk wannan lissafin su a take suke yinsa.

Goggo Asabe Kumo: Da za a samu na kirki ai da na fi kowa murna. Ƙwarya a kife a kan ruwa cikin baho tana ba da wannan amon mai zurfi, ƙanana biyu ko uku a gefe suna amsa mata, mai guɗa a tsaye, wata 'yar gida a durƙushe kusa da zabiya tana raɗa mata sunan duk wadda ta shigo. Ba sifikar da ta kai wannan. Kuma amonta ba ya firgita jariri. Amma waɗanda na sani a nan yawanci sun tsufa ko sun rasu, 'ya'yansu ba su gada ba, ni kaina ga shi ban gada ba. In an samu ma, zabiya liƙi take ci, in taron bai da hannu za ki ga waƙar ta yi sanyi tun kafin la'asar sakaliya.

Tunda na ambaci sifika, Jummai ki sa a ajiye ta can bakin zaure, nesa da ɗakin maijego. Na je wani suna an jingina ta da tagar ɗakin, jariri yana ta zabura, uwar ga ɗinki ga ciwon kai.

Malam Habu Herwagana: Wannan dai ko ni na yarda da shi. Kuma a kashe in an kira salla.

Adda Jummai Bolari: In sha Allah Malam. Na yi magana da Hajiya, ta ce a sa addu'ar Baba amma kada a faɗi sunansa, a ce mai gidan Bolari kawai. Ga jerin da zan tura: buɗewa da salati, godiya, Bilkisu, ƙanena, Dada da gurbin suna, mahaifiyar Bilkisu da mahaifinta, kawunmu da ya tsaya a madadin Baba, ni da ƙannena mata biyu, yayyen Bilkisu biyu, ƙawaye a jimla, addu'ar Baba, rufewa. Na ƙirga sunaye goma sha ɗaya, akwai sauran wuri.

Maman Walid: Adda, wa ke yi mata wankan jego?

Adda Jummai Bolari: Uwargidan babanta ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama ma. Kai! Wallahi ba ta cikin jerin.

Goggo Asabe Kumo: Maza sa ta, kuma a baiti ɗaya da mahaifiyar, ita a gaba. Bilkisu in 'yar fari ce a wajen uwarta, uwar ma ba za ta so a yi ta kiran sunanta ba, ita uwargidan ce za ta fito fili a ranar. Ki kira Kumo ki tambayi abin da yaran gidan ke ce mata, kada a kama sunanta gatsau. Ungozomar da ta kwana da ita fa, ko a asibiti aka sauka?

Adda Jummai Bolari: A asibiti ne, amma akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ta raka su, ita ke gasa cibiya. Ban san sunanta ba. Bari in kira yanzu kafin su kwanta.

Auwal Jekadafari: Ki haɗa duka ki tura masa yau Adda, gobe Lahadi, 'yan amshi ba sa samuwa da yamma.